Ciniki a wasan kwaikwayon rediyo: inda marubutan barkwanci suka fi tuntuɓe

Yawancin marubutan da ke kai wasan barkwanci gidajen rediyo a Garwa, Marwa ko Ngaundere sai sun saka fitowar ciniki a kasuwa, don sun san abu ne da kowa ke yi kullum. To amma saboda kowa ya san shi, ƙaramin kuskure ma kunne yake kama shi nan take. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: Hajiya ta zo sayen zakara wurin wani dattijo mai kaji.

Kuskure na farko, kuma mafi muni, shi ne kuɗin da ba su da tsani. Marubuci ya shagala da neman ban dariya, mai kaji ya ce jaka biyar, can ya ce uku, can kuma ya koma huɗu ba dalili. Mai sauraro ba ya ganin komai, lissafin kuɗin ne kawai yake riƙe da shi. A ciniki na gaskiya mai kaya sauka yake yi, mai saye hawa yake yi, kuma tazarar tana ƙanƙancewa a kowane zagaye. Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya ta hira, rubuta tsanin a gefen takarda. Mai kaji: jaka biyar, jaka huɗu da rabi, jaka huɗu. Hajiya: jaka biyu, jaka uku, jaka uku da rabi. Zagaye uku ke nan, kuma sun isa fitowar minti uku zuwa huɗu. In ka kai zagaye shida, mai sauraro ya daina ƙirga, kuma da ya daina ƙirga ya daina dariya. Duk adadin da aka faɗa, ɗaya ɗan wasan ya maimaita shi cikin mamaki ko takaici, domin rediyo ba a mayar da shi baya. "Jaka biyu? Zakaran ko fiffikensa?" Ka ga an maimaita kuɗin, an kuma yi ba'a a numfashi ɗaya.

Na biyu yana manne da shi: ƙirgan da ba na garin ba. Wasu suna tashi da wasannin Kano a kunne, sai su rubuta farashi kamar naira ake kashewa, ko su sa ɗan kasuwa yana cewa "sefa dubu uku da ɗari biyar" kamar ma'aikacin banki. A bakin 'yan kasuwa dala ita ce sefa 5, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jaka kuma sefa 1,000. Bafulatani zai ce booro a wurin jaka, a Kusiri da Njamena kuma za ka ji riyal da Larabcin Cadi, shi ma sefa 5 ne. Ka zaɓi ƙirga ɗaya ga kowane ɗan wasa ka tsaya a kai. Nan ma akwai abin dariya kyauta: in mai kaji ya ce "ƙara ɗari", dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, Hajiya kuwa tana iya yin kamar sefa 100 ta ji. Amma kada ka yi wannan wasan sai ka riga ka sa wani ya yi ƙirgan dala tun farkon fitowar, in ba haka ba rabin masu sauraro za su ɗauka marubuci ne ya ruɗe.

Sai kalmomin ciniki kansu, waɗanda ake jefa su ko'ina. Taya ta mai saye ce. "Albarka" ƙi ne cikin ladabi, ba godiya ba ce. "Na sallama" kuwa rufe ƙofa ne: da an furta shi ciniki ya faɗa, abin da ya rage biya ne, da canji, da roƙon gyara in kayan awo ne. Marubucin da ya sa dattijo ya sallama sannan suka ci gaba da ja-in-ja kamar ba a yi ba, ya nuna bai taɓa tsayawa a rumfa ba.

Ga yadda daftarin farko yakan fito:

HAJIYA: Ga ni na zo kasuwa, ina riƙe da zakaranka ja mai ƙiba. Ya yi tsada, kai ɓarawo ne.
MAI KAJI: Ke ce marowaciya.

Laifi biyu ne a nan. Hajiya tana ba mai sauraro labarin abin da take gani, kuma ba mai magana haka. Sannan an fara da zagi, to ina za a hau daga nan? Mace mai mutunci ba ta kiran sa'an mahaifinta ɓarawo a bainar jama'a, shi ma ba zai kori mai saye da baki ba. Daɗin cinikin Hausa shi ne kowa yana yankan ɗan'uwansa da girmamawa. Ga gyaran:

(Kukan zakara, fiffike na bugawa.)
HAJIYA: Baba, sannu da kasuwa. Wannan ɗan tsakon nawa?
MAI KAJI: Tsako, Hajiya? Shi ke tayar da ladanin unguwarmu. Jaka biyar.
HAJIYA: Jaka biyar! Miya zan yi, Baba, ba ladan nake nema ba. Na taya jaka biyu.
MAI KAJI: Albarka. Dawar da ya ci ma ta fi haka. Kawo huɗu da rabi, don ke ce.
HAJIYA: Dawar ina ta shiga? Ji ƙirji kamar faifai. Uku.
MAI KAJI: Azumin nafila yake yi. Huɗu, ko uwar kuɗi ban mayar ba.
HAJIYA: (tana nisa) To Allah ya ba da kasuwa.
MAI KAJI: Hajiya! Dawo mana. Ƙara ɗari a kan ukun.
HAJIYA: Ɗari? Ga ta.
(Ƙarar tsaba ɗaya a kan tire.)
MAI KAJI: Dala ɗari, 'yata. Dala.

Lura cewa ba wanda ya kwatanta zakaran, amma ka san girmansa daga gardamar. Ƙarar tsaba ɗaya tak ita ce ta ɗauki dariyar. In aka zuba tsaba da yawa, wasan ya mutu. Kuma wannan guntun yana bukatar layi ɗaya kafinsa, inda dattijon zai sallami wani yaro da cewa "dala ashirin ne canjinka".

Tafiyar ƙarya da Hajiya ta yi ita ce ƙololuwar fitowar, kuma a ɗakin ɗaukar sauti ake ɓata ta. Rubuta "ta tafi" ba ya isa. 'Yar wasan ta ja baya taku biyu ko uku daga makirfo tana magana, ta ɗan juyar da fuska, shi kuma mai kaji ya bar shiru na daƙiƙa biyu kafin ya kira ta. In ya kira nan take, ya zama mai rawar jiki. In shirun ya wuce daƙiƙa huɗu, mai sauraro zai ɗauka rediyonsa ne ya ɗauke. Hayaniyar kasuwa kuma a ɗaga ta daƙiƙa biyar na farko don a san inda ake, sannan a sassauta ta, musamman duk lokacin da za a faɗi kuɗi.

Karin magana ɗaya ya isa fitowa guda. Marubuta suna son jera su uku-uku a bakin dattijo, sai ciniki ya koma wa'azi.

Ƙarshen fitowar ma yakan faɗi warwas: an sallama, an yi godiya, kiɗa ya shigo. Ka ajiye juyi ɗaya don bayan sallama, kuma ƙarancin canji da kowa ya sani a kasuwanninmu ya ba ka shi. Hajiyar da ta rantse jaka uku da rabi ce kaɗai a hannunta ta kwance bakin zane, takarda ta yi ƙara, ta ce, "Baba, kana da canjin jaka goma?" Kada dattijon ya amsa. A bar zakaran ya yi cara, sai kiɗa.