Awon ƙara a wurin injin niƙa: kada ku dogara da awo ɗaya

'Yan'uwa masu duba lafiyar ma'aikata, na'urar awon ƙara ta hannu ƙarar lokacin da ka tsaya kawai take nunawa. Mai niƙa kuwa ba ya zama wuri ɗaya: yana bakin inji, yana fita ɗauko buhu. Irin wannan sai dosimita, wato ƙaramar na'urar da ma'aikaci ke ɗauke da ita a jikinsa tana tara awon ƙarar da yake ciki. A maƙala makirfon ɗinta a kafaɗarsa kusa da kunne, ta wuni tare da shi, a kuma daidaita ta kafin awo da bayansa.

Idan matsakaicin ƙarar awa 8 ya kai 85 dBA, wato desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, a fara shirin kare ji: gwajin kunne duk shekara, abin toshe kunne da horarwa. A lissafin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, kowane ƙarin desibel 3 a kan 85 yana raba lokacin zama cikin ƙarar gida biyu, wato a 91 dBA awa 2 kacal aka yarda.