Darasi na 9: Yadda Za Ka Yi Doguwar Tafiya Ba Tare da Bororo Ba

Bororo ba ya fitowa haka kawai. Idan ƙafa tana zamewa a cikin takalmi, duk taku ɗaya sai fata ta gogu. In gugar ta yi yawa, fatar sama takan rabu da ta ƙasanta, ruwa ya taru a tsakani. Fatar da ta jiƙe da zufa ta fi busasshiya saurin yin haka. Saboda haka aikinmu biyu ne: mu hana ƙafa zamewa, mu rage mata danshi.

A ce ga wani ɗan agaji a unguwar Tudun Wada ta Zariya. Saura mako biyu a yi zagayen Maulidi, kuma zai yini a tsaye yana bin jama'a, daga Ƙofar Doka zuwa cikin gari. Yana son sabon takalmi mai igiya. Me ya kamata ya yi?

Ya tafi kasuwar Sabon Gari da la'asar, domin ƙafa takan ɗan kumbura idan an yini a kanta. Wanda ya gwada da sassafe zai iya sayen takalmin da zai matse shi da rana. Ya gwada a tsaye, da safar da zai yi tafiyar da ita. Tsakanin yatsar da ta fi tsawo da bakin takalmin, a sami fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Idan mai kaya ya ce, "Yallaɓai, ɗauki kawai, zai buɗe," kada ya yarda. Fatar takalmi takan ɗan saki ta gefe, amma takalmi ba ya ƙara tsawo.

Safa kuwa, yawancinmu ta auduga muke nema don taushinta. Ga doguwar tafiya ba ta da kyau. Auduga tana shan zufa ta riƙe, sai safar ta jiƙe, ta tattare a ƙarƙashin ƙafa. Ta ulu ko ta nailan ta fi saurin bushewa. In takalmin yana da fili, ya sa biyu: siririya ta nailan a ciki, mai kauri a waje. Gugar sai ta koma tsakanin safa da safa, fata ta huta. Ya ɗauki wata busasshiya a aljihu, ya canza bayan alwalar azahar, amma sai ya tsane ƙafar sosai har tsakanin yatsu.

Ɗaurin igiya shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Ga yadda ake kulle diddige. Ka sa ƙafa, ka buga diddigen a ƙasa ya zauna a bayan takalmin. Ka zura igiya yadda ka saba har ya rage rami ɗaya a kowane gefe, wato na can sama. Yanzu kada ka tsallaka. Igiyar dama ta shiga ramin dama na ƙarshe, ka bar ɗan zobe. Ta hagu ma haka. Sannan igiyar dama ta bi ta zoben hagu, ta hagu ta bi ta zoben dama. Ka ja su ƙasa, ka ɗaure. Yi taku goma. Idan diddige yana ɗagawa, ƙara ja. Idan yatsu suna yi maka jijjiga ko sun mutu, ka matse da yawa, sassauta. In kuma saman ƙafa ne ke ciwo a wuri ɗaya, ka tsallake ramin da ke daidai wurin.

Sai sabawa da takalmin. Kwana uku na farko, ɗan agajin ya sa shi a gida na awa ɗaya. Daga nan ya riƙa zuwa kasuwa ko wurin aiki da shi, yana ƙara nisa a hankali. Saura kwana uku ko huɗu, ya yi tafiyar awa biyu, ya cire safa ya duba. Duk inda ya yi ja ko yake zafi, nan bororo zai fito. Ranar zagaye ya manna filasta a wurin tun daga gida, a kan busasshiyar fata, ba tare da ta tattare ba. Takalmin gwanjo ma sai an yi masa haka, don da ƙafar wani ya saba.

In duk da haka bororo ya fito, kada a ɓare fatar, a rufe shi da filasta mai tsabta. Mai ciwon suga yana iya yin rauni bai ji ba, don haka ya riƙa duba ƙafarsa da ido kullum, in ya ga ko ƙaramin bororo ya tafi asibiti.

Aikin gida: kowa ya zo da takalmi mai igiya a darasi mai zuwa, za mu gwada kulle diddige a aji.