Darasi na Tara: Takardar Yarjejeniyar Haya

Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai gida da ɗan haya ba ta samo asali daga mugunta ba. Mutum biyu ne suka yi magana da baki, shekara ta zagayo, kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi. Takardar yarjejeniya ita ce ke riƙe maganar kamar yadda aka yi ta ranar farko. A wannan darasi za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka wata Hajiya a unguwar Kurna ta Kano tana da ciki da falo a gefen gidanta, wani tela mai iyali kuma yana son kamawa.

Kafin a taɓa biro

Idan karatunka bai yi ƙarfi ba, kada ka dangwala hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Ka zo da naka mai karatu, ɗanka ko wani amini, ya karanta maka layi bayan layi, ya bayyana da Hausa idan da Turanci aka rubuta. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta tanadi cewa wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, a nuna cewa an karanta masa kuma an yi masa bayani kafin ya sa hannu. Wannan haƙƙinka ne, nemansa ba rashin kunya ba ne. Kada kuma ka yarda a bar gurbi babu rubutu a ce za a cike daga baya.

Su wa, wane wuri, nawa, zuwa yaushe

Sakin layi na farko yakan ɗauki cikakken sunan mai gida da na ɗan haya, da adireshin gidan. A nan ɗan haya ya tabbatar cewa wanda yake karɓar kuɗinsa shi ne mai gidan, ko wakilin da aka ba izini. Gidan gado yana bukatar ƙarin lura, domin wani magaji kan ba da haya sauran ba su sani ba. Tambayar mai unguwa da maƙwabta tana warware wannan cikin yini ɗaya.

Sai a faɗi abin da aka bayar daki-daki. “Ciki da falo” kaɗai bai isa ba. A rubuta ko banɗakin na tela ne shi kaɗai ko na tarayya ne, ko yana da damar ɗibar ruwa a rijiyar tsakar gida, ko zai iya ajiye babur a zaure.

Kuɗin haya a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi: naira dubu ɗari biyu da arba'in (₦240,000) a shekara. Lokaci ma a rubuta da kwanan wata: daga 1 ga Maris 2025 zuwa 28 ga Fabrairu 2026. Mutanenmu sun saba cewa “daga bayan Sallah”, amma watannin Musulunci suna gaba da na boko da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka a zaɓi lissafi guda a tsaya a kansa. La'adar dillali ba ta cikin kuɗin haya, a ba ta nata rasit daban. Kowane biya kuma, ko ta banki aka tura, a karɓi rasit mai nuna watannin da kuɗin ya ɗauka.

Maganar ƙarin kuɗi ma wurinta nan ne. Yadda kaya ke tsada, ba wanda zai hana Hajiya ƙari. Abin da ya kamata a rubuta shi ne ba ƙari sai wa'adin da aka biya ya cika, kuma za a sanar da tela a rubuce wata uku kafin nan, don ya shirya ko ya nemi wani wuri.

Gyara: wa zai biya?

A ganina wannan sakin layi ya fi kowane haddasa ɓacin rai, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ka'idar da aka saba rubutawa mai sauƙi ce. Abin da ya shafi jikin ginin, wato rufi, bango, katanga, rijiya da ramin masai, na mai gida ne. Abin da ya lalace saboda amfanin yau da kullum ko sakacin ɗan haya, kamar ƙwan lantarki, kan famfo, makulli ko gilashin da yara suka fasa, na ɗan haya ne. Amma kada a dogara da “an saba”. Abin da ba a rubuta ba, kowa zai ja shi ɓangarensa.

Ga yadda abin ke faruwa. A watan Agusta ruwa ya yi ƙarfi, rufin ɗakin tela ya fara yoyo daidai kan gado. Ya faɗa wa Hajiya sau biyu a ƙofar gida, ta ce a bari ta samu kuɗi. Sai ya kira kafinta, aka sauya kwano, aka kashe ₦45,000. Da lokacin biya ya zo ya kawo ₦195,000.

“Malam, ai kuɗin bai cika ba,” in ji Hajiya.

“Hajiya, na cire na gyaran rufi ne.”

“Wa ya sa ka? Da ka bari, ɗan ƙanena zai yi mini a rabin wannan kuɗi.”

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Rufin nata ne, gyaransa a kanta yake. Shi kuma ya kashe kuɗi da sunanta ba tare da yardarta ba, ba shi da wata shaida cewa ya sanar da ita. Layi uku a takarda da sun hana wannan. Ga irin abin da za a rubuta:

“Idan babban gyara ya taso, ɗan haya zai sanar da mai gida a rubuce. Idan kwana goma sha huɗu suka wuce ba a gyara ba, zai kawo ƙiyasin kuɗin aikin, mai gida ta sa hannu, sannan ya yi. Za a cire kuɗin daga haya ta gaba bisa rasit.”

Saƙon waya ma rubutu ne, muddin ba a goge shi ba. Haka kuma a rubuta cewa ɗan haya ba zai fasa bango, ko ya ƙara ɗaki, ko ya sa tayil ba sai da izini, a kuma faɗi ko za a biya shi in ya tashi. Da yawa sun ƙawata gidan haya da kuɗinsu, ranar fita aka ce musu ba wanda ya aike su.

Kuɗin ajiya, wuta da ruwa

Wasu masu gida suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna. Wannan amana ce, ba haya ba ce. A rubuta adadinsa, da abin da za a iya cirewa, da ranar mayarwa. Mu ce tela ya ba da ₦30,000. Ranar fita an samu gilashin taga ɗaya a fashe, kuɗinsa ₦8,000, da bashin wuta ₦5,000. Abin da zai koma hannunsa ₦17,000 ne. Fenti da ya koɗe saboda daɗewa ba ɓarna ba ne, ba a cire masa kuɗi. Don kada a yi musun wanda ya fasa, ranar shiga su zagaya ɗakunan tare, su rubuta duk abin da suka tarar a lalace, su ɗauki hoto da waya.

A ranar kuma a rubuta lambar mita da abin da ta nuna, a tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta. Idan mita ɗaya ce ga gidan duka, a faɗi yadda za a raba, musamman da yake tela zai iya kawo keken ɗinki mai aiki da wuta da dutsen guga. Wannan ya kai mu ga wani ɗan layi: wurin na kwana ne kawai, ko an yarda a yi sana'a a ciki? Kuma ba a sa wani ɗan haya a ɗakin sai da yardar mai gida.

Ranar rabuwa

Idan takarda ba ta faɗi tsawon notis ba, dokokin karɓar gida daga ɗan haya a Najeriya sun tsara shi bisa yadda ake biya. Mai biya mako-mako, notis ɗin mako ɗaya. Mai biya wata-wata, wata ɗaya. Mai biya duk wata uku, wata uku. Mai zaman shekara-shekara, wata shida. Amma a lura sosai: idan an rubuta wani wa'adi daban a yarjejeniya, shi kotu za ta bi. Ɗan hayan da ya sa hannu a kan notis ɗin wata ɗaya ba zai dawo yana neman wata shida ba. Saboda haka ka sa a karanta maka wannan layi sau biyu.

Akwai wani bambanci kuma. Idan an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, tana ƙarewa 28 ga Fabrairu 2026, to ranar ta ƙare da kanta ba sai an ba da wata shida ba. Idan kuwa tela ya ci gaba da zama, yana biyan na shekara Hajiya tana karɓa, ya zama mai zaman shekara-shekara. In tana son ɗakinta a ƙarshen wani Fabrairu, abin da ya fi aminci shi ne notis ya isa hannunsa a rubuce kafin Agusta ya ƙare, ta kuma ajiye shaidar cewa ya karɓa.

Wa'adi ya cika bai fita ba, sai a ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa za a je kotu. Daga nan alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa. Mai gida ba ta da ikon cire ƙofa, ko ɗaye kwano, ko yanke wuta, ko watsa kaya waje, ko da ana bin ɗan haya bashi. Wanda ya yi haka, shi kotu kan sa ya biya diyya. Ɗan haya kuma ya sani cewa duk kwanan da ya ƙara bayan wa'adi, za a iya neman kuɗinsa a hannunsa.

A ƙarshen takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala a kowane shafi, da kwanan wata, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. A yi kwafi biyu masu sa hannu, kowa ya tafi da nasa.

Aikin aji

1. Hayar shekara ₦180,000 ce. Ɗan haya ya yi gyaran ₦25,000 da izinin mai gida a rubuce. Nawa zai biya a shekara ta gaba?
2. Mai shago yana biya wata-wata, takardarsa ba ta ambaci notis ba. Notis ɗin wane tsawon lokaci ya kamata a ba shi?
3. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai gida ɗaya ɗan haya. Ku rubuta sakin layi a kan wanda zai biya kuɗin yashe masai, sannan ku karanta wa aji da ƙarfi.