Yadda za ka yi wa shugabanka na wurin aiki kyauta ba tare da an ce neman shiga kake ba

A Maradi, mutum ya ji an yi wa maigidansa haihuwa ko ya dawo daga Makka ya tafi hannu biyu abin kunya ne. Amma shugaban biro ba maƙwabci ba ne. Shi ke sa hannu a takardar hutunka, shi ke ba ka maki a ƙarshen shekara, shi ke zaɓen wanda zai tafi taro Yamai ya ci kuɗin tafiya. Shi ya sa turaren da za ka kai wa ƙanen mahaifinka a sa maka albarka, in ka kai wa darakta sai a fara ƙus-ƙus. Hanyar da ta fi tsira ita ce kyautar ta fito daga taro, a kan dalilin da kowa ya sani, a kuma miƙa ta a bainar jama'a. Ga yadda ake shirya ta.

Fara da takarda kafin ka taka kasuwa. In kamfani ne ko banki, duba dokokin cikin gida da aka manna a allo ko aka ba ka ranar da aka ɗauke ka. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje su suka fi tsanani: da yawansu na da ƙa'idar ɗa'a da ka sa wa hannu, wadda ke hana karɓar kyauta ko ta ƙayyade kuɗinta, wasu kuma sai an rubuta ta a rajista. In ba ka ga komai ba, tambayi mai kula da ma'aikata, kuma ka tambaya a fili: "Muna so mu yi wa Alhaji barka, me doka ta yarda?" Ma'aikacin gwamnati kuwa ya tuna dokar Nijar na hukunta mai ba da toshiya da mai karɓa, kuma tun 2011 da aka kafa HALCIA, hukumar yaƙi da cin hanci, sannan COLDEFF mai yaƙi da almundahanar kuɗi a 2023, shugabanni da yawa ke gudun duk abin da za a iya fassarawa. Kyautar da ta karya ƙa'ida, shugaban za ta fara jefawa cikin matsala kafin kai.

Sai ka auna lokaci, nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Tambayi kanka: akwai wata takardata a kan teburinsa? Sabunta kwantiragi, ƙarin girma, neman canjin wurin aiki, takardar neman bayani da aka ba ka kan makara. In akwai, ka janye hannunka daga kyautar kai kaɗai har sai an yanke hukunci, ko da zuciyarka fara ce. Ba zuciyarka abokan aiki ke gani ba, kwanan wata suke gani. Malamai na kawo labarin mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai aka ce masa me ya hana ya zauna gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ma'aunin ke nan: da mutumin nan ba ya kan kujerar, za ka kai masa? Suna, aure, dawowa daga aikin hajji, ritaya, duk za ka je. Kyautar ranar Talata haka kawai, ba za ka kai ba.

Bari mu ɗauki misali. Biro mai mutum tara, an yi wa darakta haihuwa, suna ranar Asabar a unguwar Zariya. Cikin taran akwai direba da mai gadi, akwai kuma wata mai aikin kwantiragi da wa'adinta zai ƙare ƙarshen wata.

A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, amma kada ya zama mataimakin darakta, don in shi ya zagaya da ambulan babu mai iya cewa ba shi da shi. Kada kuma ya zama mai kwantiragin nan. Dattijon da ya kusa ritaya, wanda ba ya neman komai, shi ya fi dacewa. A sa iyaka daga sama, ba daga ƙasa ba: kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, amma kada ya wuce jika biyu. Wannan iyakar ita ke hana mai son a san da shi ya ajiye jika ashirin ya mayar da kyautar taro tasa. Mai gadi ya kawo dala ɗari, direba ya ce wata ya yi nisa, duk daidai ne. A ce an tara jika goma sha biyu. A takardar barka a rubuta sunan mutum tara cif, har da wanda bai bayar ba, kuma kada a rubuta adadi gaban sunan kowa. Lissafin ya tsaya wurin mai riƙe kuɗi, ya nuna rasit ga duk wanda ya nema. Asusun biro kuwa ba a taɓa shi, ko da aro.

Me za a saya? Abin da zai shiga cikin gida ya ƙare: kayan jariri, sabulu, ko atamfa madaidaiciya ga mai jego in kuɗin ya kai. In daga hajji ya dawo ko sallah ce, kilishi mai kyau, dabino, zuma ko cuku sun wadatar, kuma yana iya buɗewa a ci tare a biro, wanda ke kashe duk wani zargi. A guji kuɗi a ambulan ko ta kamfanin aika kuɗi. Na san a suna ana ba da gudummawa, amma tsakanin na ƙasa da na sama kuɗi ya fi komai kama da toshiya, kuma aikawar tana barin shaida da sunanka. A guji rago, waya da shadda mai tsada. A guji abin da ke taɓa jiki, kamar turare da agogo, musamman in mace ce ke ba namiji ko namiji ke ba shugaba mace. Garinmu ba ya rasa masu ƙara gishiri.

Miƙawa ita ce ta ƙarshe. A je mutum uku ko huɗu da rana, a wurin sunan ko a biro ƙofa buɗe, dattijon ya yi magana: "Ranka ya daɗe, ga ɗan abin barka daga yaranka gaba ɗaya, Allah ya raya." Shi ke nan. Kada a sako zancen aiki ko da wasa, kuma kada wani ya koma bayan isha'i da nasa ƙullin daban.

Za ka gane an kauce hanya in ka ji kana so kada wani abokin aiki ya sani, in kuɗin ya kai inda sai ka ci bashi, ko in shugaban ya karɓa ya yi sauri ya tura ƙarƙashin tebur. Wani lokaci kuma zai ce ƙa'ida ta hana shi. Kada a matsa masa da "ai ba komai, Alhaji", kada kuma a zagaya a kai wa uwargida. In abin ci ne, a raba a biro. In kaya ne da mai shago zai karɓa, a mayar, kowa ya amshi abin da ya bayar daidai da lissafin da ke hannun dattijon.