Yadda ake karanta ƙarfin magani: ƙwaya da na ruwa

Mu ɗauki farasitamol. A jikin kwalin ƙwayar za ka ga 500 mg, wato kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da miligiram 500. Wannan ba wuya.

Maganin ruwa ne ke rikita mutane. Da farko, duba lambobi biyu da ke jikin kwalbar, misali 120 mg/5 ml. Ma'anarsa, miligiram 120 na magani ne a cikin kowane mililita 5, ba a cikin kwalbar gaba ɗaya ba. Miligiram nauyin maganin ne, mililita kuwa yawan ruwan da za a sha.

Daga nan sai ka raba 120 gida 5, ka samu miligiram 24 a kowane mililita. Idan likita ya rubuta wa yaro miligiram 180, raba 180 da 24, zai ba ka mililita 7.5.

Kafin ka zuba, sake duba kwalbar, domin akwai farasitamol na ruwa mai 250 mg/5 ml. Idan ka auna mililita 7.5 daga wannan, yaron ya sha miligiram 375, fiye da ninki biyu, kuma yawan farasitamol yana illata hanta. Shi ya sa nake roƙo a karanta kowace sabuwar kwalba, ko da sunan bai canza ba.

Sannan ka auna da sirinji ko ƙaramin kofin awo da ya zo da maganin. Cokulan gida girmansu ya bambanta, "cokali ɗaya" na magani kuwa mililita 5 ne cif. In lissafin bai fito ba, tambayi mai harhaɗa magani kafin a sha.