Yadda ake saita dron ya dawo gida da kansa idan rimot ta yanke

Wannan bayanin na masu dron ne mai ArduPilot 4.6 ko na baya da ake saitawa da Mission Planner. Kafin komai cire farfela duka, kar ka ce ai gwaji ne kawai, yatsa ba ya tsirowa.

Fara da risiba, don nan ne yawanci ake tafka kuskuren. Risiba irin ta FrSky tana da zaɓi na abin da za ta yi in sigina ta ɗauke, akwai Hold akwai No Pulses. In ka bar ta a Hold to za ta ci gaba da tura umarnin ƙarshe da ka bayar, mai yiwuwa kwakwalwar jirgin ba za ta ma san an rabu ba, in kana tura shi gaba lokacin da ta yanke haka zai yi ta tafiya har batir ya ƙare. Sa No Pulses, in ta yi shiru jirgin zai gane da kansa.

Sai ka shiga jerin saituna ka gyara waɗannan:

```
FS_THR_ENABLE = 1
RTL_ALT = 3000
RTL_ALT_FINAL = 0
```

Na farkon yana cewa duk sanda rimot ta ɓace ya shiga RTL, wato ya kamo hanyar gida, na ƙarshen kuma ya sauka ƙasa in ya iso. RTL_ALT shi ke son natsuwa. Da santimita ake rubuta shi, yana zuwa a 1500, mita 15 ke nan. A filin da nake tashi akwai bishiyoyi da suka kai mita 20, kuma jirgin miƙewa yake sambal ba ya kauce wa komai, shi ya sa na ba shi mita 30. Wanda ya rubuta 30 yana zaton mita ne, santimita 30 ya rubuta, jirgin zai taho a tsayin da yake ya afka cikin reshe.

Gida a wajensa shi ne inda ka yi arm, kuma sai GPS ta kama. In babu GPS lokacin da sigina ta yanke, sauka zai yi nan inda yake, ko kan rufin wani ne, don haka kar ka yi gaggawar tashi.

Yanzu gwaji. Ba farfela, ka yi arm a Stabilize, ɗaga totur kaɗan, kashe rimot. Cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya kamata ka ga saƙon failsafe a allo. In moto na ta juyi ba abin da ya canza, koma kan risiba.

In ka mayar da farfela jirgin ya tashi sama, kar ka kashe rimot, juya makunni zuwa RTL daga nesa kaɗan ka ga ya hau, ya dawo, ya ɗan tsaya daƙiƙa 5 sannan ya sauko. Kuma ko sigina ta dawo yana nan a RTL, sai ka canza mode da makunni kafin ya dawo hannunka.