Kurakuran da sababbin ma'aikata ke yi wajen karanta takardar albashi

Duk ƙarshen wata a Abuja magana ɗaya ce: waya ta yi ƙara, a duba abin da ya shigo, a ce "sun yanke ni", a mayar da waya aljihu. Ka tambayi mutum me aka yanke, nawa ne, ina aka kai, sai ya yi shiru. Takardar albashin kuwa tana nan a imel ko a aljihun tebur, ba a taɓa buɗe ta ba. Na gaji da maimaita wa ƙannenmu bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren farko shi ne ɗora rayuwa a kan adadin da ke layin Gross Pay. Wannan jimillar albashi ce kafin a taɓa komai, ba kuɗin da za ka riƙe ba ne. Ɗauki matashin da aka ɗauka aiki a kan naira 250,000 a wata. A takardarsa an kasa kuɗin kamar haka: Basic 100,000, alawus na gida 60,000, na sufuri 40,000, sauran alawus 50,000. Ya je Kubwa ya kama ɗaki, ya shiga adashe, ya yi wa gida alkawari, duk a kan 250,000. Kuɗin nan ba za su taɓa shiga asusunsa cif ba. Kasafin nan na sama ma ba ado ba ne, domin kowane yanka da tushen da ake lissafa shi a kai.

Mu fara da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne Basic da alawus na gida da na sufuri a haɗe. A wajen matashinmu 200,000 ke nan, saboda haka layin Pension zai nuna 16,000. Kason kamfani, 20,000, bai kamata ya fito daga albashinsa ba.

A nan ne kuskuren da ya fi ƙona mini rai yake: ɗaukar cewa duk abin da aka rubuta an cire, an kai shi inda ya dace. Takardar albashi shaidar cirewa ce kawai, ba shaidar biya ba ce. Na yi aiki a wani kamfani da ba ya fashin rubuta layin fansho kowane wata, tsaf da shi. Sai da na bar wajen na nemi bayanin asusuna a kamfanin fansho, na tarar da watanni a jere babu ko kwabo. An cire a takarda, kuɗin sun tsaya a hannun masu kamfani. Na yi ta zarya, yau a ce akanta ba ya nan, gobe a ce ana dubawa, ga kuma ribar da kuɗin za su tara a tsawon lokacin ta tafi. Doka ta ba mai aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Amma wa zai kama shi in kai mai kuɗin ba ka duba ba? Abin da nake yi yanzu, a tsakiyar kowane wata ina buɗe manhajar kamfanin fanshona in nemi adadi ɗaya. Ga matashinmu adadin 36,000 ne, nasa da na kamfani. In ya ga 16,000 kaɗai, kamfani bai zuba nasa ba. In bai ga komai ba wata biyu a jere, ya rubuta wa ofishin albashi takarda, ba magana a baki ba, ya ajiye kwafi. In an yi biris da shi, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ce wurin kai ƙara. Kunya ba ta da gurbi a nan, haƙƙinka ne na tsufa.

Layin NHF na asusun gidaje ne da ke hannun bankin lamunin gidaje na tarayya, kashi 2.5 cikin ɗari, a yawancin takardu a kan Basic, wato 2,500. Ka nemi lambar rajistarka, in ba haka ba ranar neman kuɗin ba ka da abin nunawa.

Sai PAYE, harajin albashi, wanda kowa ke tsine wa amma kaɗan ne suka taɓa lissafa shi. Daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki: naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 da ke biye da su kashi 18, haka har zuwa kashi 25. Ba a kan jimillar albashi ake ɗora shi kai tsaye ba. Albashin matashinmu a shekara miliyan 3 ne. A cire fansho 192,000 da na gidaje 30,000, saura 2,778,000. Akwai kuma rangwamen haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. Yana biyan 600,000 a Kubwa, sai a sake cire 120,000, saura 2,658,000. A ware 800,000 da ba a taɓawa, a ɗauki kashi 15 na 1,858,000, ya ba da 278,700 a shekara, wato 23,225 a wata.

Rangwamen hayar nan ba ya zuwa da kansa. In bai kai rasit ko takardar yarjejeniyar haya ofishin albashi ba, 24,725 za a riƙa cire masa, asarar 18,000 a shekara don kawai ƙyuyar ɗauko takarda. Wani abin kuma, haraji yana bin inda kake kwana ne, ba inda ofis yake ba. Mai zama a Kubwa nasa na hukumar harajin Abuja ne, mai zama a Mararaba na jihar Nasarawa. Adireshin da ke fayil ɗinka ya zama na gaskiya, don kada ranar neman takardar shaidar biyan haraji ka rasa sunanka.

Masu cewa kada a ƙara musu albashi don haraji zai cinye, ku daina: ƙarin da ya haura iyaka ne kaɗai ake cajin sa da sabon kaso.

Ƙasan takardar ne wurin da mutane suka fi sakaci, wato yankan da kai ka sa hannu a kai. A takardar matashinmu, kuɗin ƙungiyar ma'aikata 2,000, bashin kofaretib 30,000. Sau da yawa yankan bashi ba ya tsayawa don kansa sai wani ya cire shi daga kwamfuta, kuma ma'aikatan gwamnati da ke kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, sun san wahalar dawo da kuɗin da aka cire fiye da kima. Ranar da ka karɓi rance, rubuta watan da zai ƙare a inda za ka gani. Duk layin da ba ka gane sunansa ba, ko na naira 500 ne, tambaya a watan da ya fara bayyana.

Daga nan sai ka tara da hannunka: 16,000 da 2,500 da 23,225 da 2,000 da 30,000 sun zama 73,725. Cire su daga 250,000, layin Net Pay ya nuna 176,275. Sai ka gwada da saƙon banki. In sun saɓa, ɗauki takardar da bayanin asusunka na banki ka nufi ofishin albashi kafin a rufe lissafin wata mai zuwa.